Oda ɗaya, kafofi uku na cewa tasu ce

A ɗauka wata mai sayar da leshi da atamfa a Kano tana da shago a intanet, tana kuma biyan kuɗin talla a wurare uku. A wata guda ta kashe naira 300,000 a Meta, wato Facebook da Instagram, da 150,000 a Google Ads, da 50,000 a TikTok. Ƙarshen wata Meta ta ce ta kawo mata oda 60, Google ta ce 35, TikTok ta ce 15. In aka tara, oda 110 ke nan. Amma littafin odarta 80 ya nuna, kowace naira 25,000. Kafofin sun ce an yi cinikin naira 2,750,000, alhali miliyan 2 ce ta shiga banki.

Ba a rasa dalili ba. Kowace kafa nata take gani, ba ta ganin na sauran. A saitin da aka saba, Meta na ɗaukar ciniki a matsayin nata idan mutum ya saya cikin kwana 7 bayan ya danna talla, ko cikin kwana 1 bayan ya gan shi kawai. Google Ads kuwa kwana 30 take bayarwa bayan dannawa. To, matar da ta danna tallan Instagram ranar Litinin, ta nemi shagon a Google ranar Laraba ta danna tallansa, sannan ta biya ranar Alhamis, kafofi biyu ne za su rubuta ta, ita kuwa leshi ɗaya ta saya.

Saboda haka mai haɗa allon bayanai guda, a Looker Studio ko a Google Sheets, sai ya raba abu biyu tun farko. Kuɗin da aka kashe a ɗauko su daga kafofin a tara, domin naira ɗaya ba ta fita sau biyu. Ciniki kuwa daga littafin oda kaɗai za a ɗauko shi, kowace oda da lambarta, layi ɗaya tak. Alƙaluman cinikin da kafofin ke bayarwa a nuna su gefe, kowanne shi kaɗai, kada a tara su.

Ta yaya za a san kafar da oda ta fito? A liƙa wa kowace mahaɗar talla alama, kamar `utm_source=meta`, shagon ya adana ta tare da odar. Sai a tsayar da ƙa'ida guda, misali kafar da aka danna daga ƙarshe ita ke ɗauka. Ni ban ɗauki ƙa'idar nan adalci cikakke ba, tana tauye kafar da ta fara nuna wa mutum kaya. Amfaninta dai shi ne jimilla ba za ta wuce 80 ba. Odar da ta zo ta WhatsApp ba alama kuwa a bar ta a layin "ba a sani ba". Layin kan yi kauri a kasuwancinmu, kuma gara a gan shi da kaurinsa da a raba wa kafofin da ka.

Akwai wani ninki da ke ɓoye a wajen haɗa teburori, shi ya fi cin mutane. Teburin kashewa layi ɗaya ne ga kowace kafa a kowace rana, na oda kuwa layuka ne da yawa. In aka haɗa su kai tsaye, ranar da Meta ta ci naira 10,000 aka samu oda uku, kuɗin zai maimaitu a kowane layi ya zama 30,000. Maganinsa a dunƙule odar tukuna:

```sql
SELECT rana, kafa, SUM(kudi) AS ciniki
FROM oda
GROUP BY rana, kafa
```

Bayan nan kowane teburi na da layi ɗaya ga rana da kafa, sai a haɗa. Kafin haka a mayar da asusun dala zuwa naira, a duba agogon da kowane asusun talla ke bi, a kuma cire odar da aka soke ko aka mayar da kuɗinta.

Lambar da mai shagon za ta fi dogara da ita ita ce jimillar ciniki a raba da jimillar kashewa: miliyan 2 a raba da 500,000, kowace naira ta dawo da 4. Da ta bi lissafin kafofin, 5.5 za ta gani, ta ƙara kuɗin talla a kan cinikin da bai shigo ba. Duk ƙarshen wata a gwada jimillar kashewa da rasit ɗin kowace kafa, a tuna Meta na ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan talla a Najeriya tun 2022, wanda ke fitowa a rasit. Ciniki kuma a gwada shi da takardar banki. In kashewa a allon ta zarce rasit, a fara bincike daga wajen haɗa teburorin.