Naman Layya a Firiza: Iska Ce Ɓarauniyar

Wata biyu bayan Babbar Sallah, uwargida ta buɗe firiza ta ciro ƙullin naman da ta ɓoye don ranar baƙi. Da ta kwance baƙar ledar sai ta tarar gefen naman ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, ya bushe ya yi tauri, ga garin ƙanƙara cike da ledar. Ta dafa shi awa biyu amma wurin nan bai yi laushi ba, ana tauna shi kamar igiya. Wasu za su ce firizar ce ta yi sanyi da yawa har ta ƙone naman. Ba sanyin ne ya yi ɓarnar ba, iska ce.

Duk wanda ya san hunturu ya san yadda abin yake. Iskar hunturu tana da sanyi, amma busasshiya ce, shi ya sa take tsage leɓe da dunduniya. Cikin firiza hunturu ne da ba ya ƙarewa. Ruwan da ke jikin nama ya daskare, to amma ƙanƙara tana iya zama tururi kai tsaye ba tare da ta narke ba, matuƙar akwai iska a kusa da ita. Haka ruwan ke sulalewa daga saman naman a hankali, ya je ya sake daskarewa a jikin leda ko bangon firiza. Garin ƙanƙarar da uwargida ta gani a ledar, ruwan namanta ne. Inda ruwan ya fita kuwa sai iska ta shiga, ta canza launin naman, ta sa kitsen ya fara maƙaƙi irin na tsohon mai. Wannan shi ne ƙunar firiza. Ba guba ba ce, ana iya yanke wurin a yar a dafa sauran, sai dai daɗin ya ragu.

Saboda haka aikin ƙunshewa gaba ɗayansa abu ɗaya ne: kada a bar iska tsakanin abinci da abin da aka naɗe shi. A nan ne baƙar ledar kasuwa take ba da kunya. Siririya ce, ƙashi na huda ta, kuma idan aka ƙulle bakinta ana barin iska a ciki kamar balan-balan. Ba a ma yi ta don ta daɗe tana taɓa abinci ba.

A ɗauki cinyar rago mai tsoka kilo 3, a gidan da ake zuba rabin kilo a miya. Kuskuren farko shi ne a jefa ta a firiza a dunƙule. Babban dunƙule yana daɗewa kafin tsakiyarsa ta daskare, kuma daskarewa a hankali tana haifar da manyan ƙwayoyin ƙanƙara da ke yayyaga tsokar, shi ya sa irin wannan nama ke zubar da ruwa mai yawa idan ya narke. Sannan ranar da ake son kaɗan dole a narkar da duka. Maimakon haka, a raba ta kashi 6, kowane kashi na girki ɗaya. A rage kitsen da ya yi yawa, domin shi ne yake fara lalacewa. Idan an wanke naman, a tsane shi sosai da tsumma mai tsabta. Kada a sa gishiri, gishiri yana gaggauta maƙaƙin kitse a firiza.

Sai naɗi, kuma biyu ake yi. Na farko da ledar nan mai sheƙi da ke manne wa abinci, a matse ta ta kwanta a jikin naman kamar fata. Na biyu da leda mai kauri mai zif, wadda aka yi don firiza. Ga dabarar fitar da iska ba tare da inji ba: a zuba ruwa a bokiti, a rufe zif ɗin a bar ɗan kusurwa a buɗe, a nutsar da ledar a hankali har ruwan ya kusa kaiwa bakinta. Nauyin ruwan zai matso iskar waje, sai a ƙarasa rufewa. A shimfiɗa ƙunshin ya yi faɗi, kaurinsa kada ya wuce yatsa biyu, don ya daskare da wuri ya kuma narke da wuri. A rubuta suna da kwanan wata a jiki. Bayan wata uku, hanta da tsoka duk kamarsu ɗaya a cikin ƙanƙara, kuma babu wanda ke tuna wanne aka fara sakawa.

Miya da markaɗen tumatir da tattasai suna da nasu sharaɗin. A bari su huce, a zuba a roba mai murfi, a bar sarari kamar yatsa biyu a sama, domin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma yana iya ɗaga murfi ko fasa kwalba. Don kada wannan sarari ya zama gidan iska, a shimfiɗa 'yar leda a kan fuskar miyar kafin a rufe.

To har yaushe abin zai kai? Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka tana cewa abincin da ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da yankewa ba, ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a cikinsa, don haka wa'adin da take bayarwa na daɗi ne, ba na lafiya ba. Tsokar sa ko ta rago a manyan yanka tana kai wata 4 zuwa 12. Niƙaƙƙen nama da kayan ciki irin su hanta da ƙoda wata 3 zuwa 4 ne. Kaza sukutum shekara guda, yankakkiya wata 9. Kifi mai maiƙo kamar titus wata 2 zuwa 3, haka ma miya da dafaffen nama.

Sai dai a lura da kalmar nan, ba tare da yankewa ba. An yi wannan lissafi ne a inda wuta ba ta ɗaukewa. A gidan da ake kawo wuta awa shida a ɗauke awa goma, saman naman yana ɗan narkewa ya sake daskarewa kullum, kuma kowane zagaye yana ƙara tsotse ruwansa. A ganina, mai irin wannan firiza ya raba wa'adin biyu, ya fara cinye kayan ciki a makonnin farko. Idan wutar ba abin dogaro ba ce sam, hanyar iyayenmu ta fi: a soya naman layya har ya bushe a ajiye shi a cikin kitsensa.

Firiza cikakkiya tana riƙe sanyinta kusan awa 48 bayan ɗauke wuta idan ba a buɗe ta ba, mai rabin kaya kuwa kusan awa 24. Shi ya sa yake da kyau a cike gurbin da babu komai da robobin ruwa su daskare. Mai tafiya kuma yana iya daskarar da ruwa a kofi ya ɗora kwabo a kan ƙanƙarar. Idan ya dawo ya tarar da kwabon a gindin kofi, firizar ta narke gaba ɗaya a bayansa ta sake daskarewa. Jinin da ya taru ya daskare a kusurwar leda shi ma shaida ce ta hakan. Naman da aka tarar yana narkewa amma har yanzu da ƙwayoyin ƙanƙara a jikinsa, ana iya mayar da shi. Wanda ya saki gaba ɗaya ya ɗumama, ba a san awa nawa ya yi a haka ba, wannan ba ƙunar firiza ba ce da za a yanke gefe a ci, sai zubarwa, ko da hanci bai ji wari ba.