Leƙa Kasuwa Kafin Ka Baza Haja: Darasi Daga Masu Kunun Aya

Da yawa daga cikinmu muna da wata 'yar sana'a a gida, wasu kuma suna shirin farawa da zarar sun gama makaranta. Abin da ya fi kayar da sabon ɗan kasuwa shi ne ya ga wani yana ciniki, sai ya kwaikwayi kayansa ya rage farashi kaɗan, yana zaton shi ke nan ya ƙwace kasuwa. Ba a kwana biyu wancan ya rage nasa, duka biyun su koma aikin banza. Wannan rubutu zai nuna yadda ake nazarin abokan gogayya ta fuska uku, wato farashi da inganci da hidima, don a gano gurbin da wani ba zai iya shiga cikin sauƙi ba.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce yayarka ta gama sakandare, tana so ta fara sayar da kunun aya a kusa da wata makaranta. Ta tarar da mutum uku sun riga ta: mai shago da ke da firji, wata mata da ke zuwa da kula tana zama a bakin ƙofa, da wani yaro mai talla da ke ƙulla nasa a leda. Alƙaluman da za ku gani na misali ne, domin farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari, amma hanyar lissafin ɗaya ce a ko'ina.

Farashi: auna kaya kafin ka kwatanta kuɗi

Mai shago yana sayar da gora ɗaya naira 300, mai kula naira 200, yaro mai talla kuma naira 100. Wanda ya tsaya a nan zai ce na mai shago ya ninka na yaron sau uku. Amma mazubin ba ɗaya ba ne. Abin yi shi ne a sayi ɗaya daga wajen kowa, a juye a mudubin awo ko a gorar da aka san girmanta.

A ce gorar mai shago rabin lita ce, ta mai kula santilita 35, ledar yaron kuma kwatan lita. Idan aka mayar da kowanne zuwa kuɗin lita ɗaya, na mai shago naira 600 ne, na mai kula kusan naira 570, na yaron naira 400. Kun ga ke nan tsakanin mai shago da mai kula babu wani bambancin kirki. Mai kula ba araha take yi ba, ƙaramar gora take amfani da ita don kuɗin ya yi daidai da aljihun ɗalibi.

Bayan wannan sai yayarka ta lissafa nata. A ce gora 20 masu rabin lita suna cinye mata naira 4,000, idan aka haɗa aya da dabino da kwakwa, da kuɗin niƙa, da gorori, da ƙanƙara. Kowace gora ta tsaya mata a naira 200. In ta sayar a 300, ribarta naira 2,000 ce a rana. In ta rage zuwa 250 don ta karya mai shago, ribar ta koma 1,000, sai ta sayar da gora 40 kafin ta samu abin da take samu a 20. Shi kuwa mai shago yana da biredi da lemo da sabulu da ke riƙe shi, don haka zai iya sauko da nasa gobe da safe ya jure asarar wata guda. Ita ba za ta iya ba. Rage farashi makami ne na mai babban jari.

Inganci: gwada da baki da ido, a lokuta daban-daban

Ba a sanin inganci da jin labari. A zuba kunun mutum ukun a kofunan gilashi iri ɗaya, a ba mutum biyar ko shida su ɗanɗana ba tare da an gaya masu na wane ne ba. Ɓoye sunan yana da dalili: in mutum ya san na ƙawarsa ne, bakinsa zai bi zuciyarsa. A tambaye su abu uku kawai: wanne ya fi kauri, wanne ya fi ƙamshin aya, wanne ne zaƙinsa ya yi yawa. Zaƙi mai yawa tare da ƙarancin ƙamshi alama ce ta an cika ruwa an rufe da sukari. Ɗiɗɗiga a maƙogwaro kuma yana nuna ba a tace da kyau ba.

Sai dai gwaji ɗaya bai isa ba, saboda kunun aya ba ya jure zafi. In ba ya cikin sanyi, sa'o'i kaɗan sun isa ya fara tsami. Shi ya sa za a saya sau biyu, a lokacin tara da kuma lokacin tashi. Alamun lalacewa a fili suke: gora ta yi tauri ko ta kumbura, ta yi huci idan an buɗe, ga ɗan warin tsami, wani lokaci har da yauƙi.

A misalinmu, a ce da safe na kowa lafiya lau. Da ƙarfe biyu kuwa ƙanƙarar mai kula ta narke, na yaron ya ɗumame, na mai shago kuma ya danganta da wutar lantarki, ran da aka ɗauke ta da wuri sai a ji ya juya. To ga abin da awon safe kaɗai ba zai taɓa nunawa ba.

Hidima: zauna ka ƙirga

Hidima ita ce duk abin da mai saye yake fuskanta ban da kayan kansu. Yayarka za ta samu wuri ta zauna na kwana biyar, daga Litinin zuwa Juma'a, da littafi a hannu. Za ta rubuta lokacin da kowa yake zuwa da lokacin da kayansa suke ƙarewa, mutum nawa suka saya, su wane ne, ko ana samun canji, ko ana ba da bashi, da yadda tsabtar gorori take. Abin da ya fi duka amfani shi ne ta ƙirga waɗanda suka zo suka juya ba su saya ba, ta kuma tambayi wasunsu dalili cikin ladabi. Masu juyawar nan su ne kasuwar da ba ta da mai ita.

A ce ta lura cewa malamai da ma'aikatan ofis ba sa fitowa lokacin tara saboda cunkoson yara, in kuma an tashi suna son abu mai sanyi da za su sha ko su kai gida, amma ba su yarda da abin da ya rage a lokacin ba. Suna da kuɗin saye, abin da suka rasa shi ne tabbaci.

Zaɓen gurbi

Wani malamin kasuwanci na Jami'ar Harvard, Michael Porter, ya bayyana a littafinsa na 1980 cewa ɗan kasuwa yana tsayawa ne ta ɗayan hanyoyi uku: ya fi kowa sauƙin kuɗin samar da kaya, ko ya bambanta kayansa, ko ya mayar da hankali ga wani rukuni na masu saye. Mai ƙaramin jari, hanya ta uku ta fi dacewa da shi.

Don haka yayarka ta bar wa mutum ukun nan kasuwar tara. Ita sai ta nemi izinin hukumar makaranta, ta buɗe rajistar masu oda: kowa ya rubuta gora nawa yake so, ya biya kuɗin mako ran Litinin. Ta niƙa ayarta da hantsi maimakon asuba, ta kawo da sanyinsa daf da tashi, a kan naira 300 ɗin nan ba ragi.

Dubi abin da odar ta yi wa lissafi. Mai jiran tsammani da ya haɗa gora 20 ya sayar da 15, ya samu naira 4,500, ribarsa 500 ce kacal, domin biyar ɗin da suka rage ba sa kwana. Mai oda kuwa abin da aka biya shi take haɗawa, ribarta 2,000 tana nan cif. Kuɗin da aka biya tun farkon mako kuma shi ne jarin sayen aya.

Me ya sa yake da wuyar kwaikwaya?

A yi wa kowace dabara tambaya biyu: kwana nawa zai ɗauki abokin gogayya ya kwaikwaya, kuma me zai rasa idan ya yi? Ragin farashi, kwana ɗaya. Ƙarin kwakwa ko sabuwar takarda a jikin gora, mako ɗaya, ba tare da ya rasa komai ba. Amma tsarin oda fa? Mai shago sai ya rufe shagonsa ko ya ɗauki yaro kafin ya kai kaya ofis. Mai kula tana bakin ƙofa tun safe, in ta koma gida yin sabon niƙa ta rasa cinikin tara, wanda shi ne abincinta. Yaro mai talla kuwa babu wanda zai ba shi kuɗin mako tun kafin ya ga kaya. Ƙarfin gurbin ya fito ne daga haɗuwar abubuwa huɗu: niƙan hantsi, oda, biyan mako, da cika alkawari kullum. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar uku bai samu komai ba.

Iyakarsa da alamun matsala

Wannan gurbi ƙarami ne, malamai ba su kai ɗalibai yawa ba. Lokacin hutu babu ciniki, da sanyin hunturu buƙata tana raguwa, da azumi kuma sai dai a mayar da kai kaya zuwa dab da shan ruwa. Haka nan duk ginin a kan amana yake: makara sau biyu ko gora ɗaya mai tsami ta isa ta rushe rajistar. Alamar farko ita ce mutum ya daina biyan mako ya ce zai riƙa saye in ya ga dama. In mutum uku suka faɗi haka a mako ɗaya, a koma a tambaya, a sake awo da ɗanɗano. Ko ba a ga matsala ba, a maimaita nazarin a farkon kowane zango, domin su ma abokan gogayya ba barci suke yi ba.

A kula kuma: nazarin abokin sana'a yana nufin ka sayi kayansa da kuɗinka, ka lura da abin da kowa ke iya gani. Ba ya nufin leƙen asirin gidansa ko ɓata masa suna wajen masu saye.

Ga aiki ga mai sha'awa: zaɓi kaya ɗaya da mutum uku ke sayarwa a unguwarku, awara ko zoɓo ko gyaɗa, ka ja layi uku a takarda don farashi da inganci da hidima, ka cike su cikin kwana biyar. Kawo wa ƙungiyar 'yan jarida abin da ka gano, za mu manna mafi kyau a fitowa ta gaba.