Riga ɗaya, shiga huɗu: dabarar sauya ta sama a bar ta ciki

Idon mutum ba ya ƙirga kayan da ke jikin ɗan'uwansa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi faɗi da abin da ya fi kusa da fuska su yake fara kamawa, kuma su ne ke zama a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum zai sa kaftani ɗaya jiya da yau, ya ɗora masa falmaran jiya, yau ya yafa hirami ya sauya hula, abokan aikinsa su ɗauka sabuwar shiga ya yi. Wannan dabara tana raba matafiyi da jan ƙatuwar jaka, tana kuma rufa wa ma'aikaci asiri a lokacin da kuɗin yadi da na ɗinki suka yi tsada. Ni ban ga abin kunya a cikinta ba, matuƙar an san iyakarta. Tufafinmu ma a kan wannan tsari aka gina su tun asali: 'yar ciki da wando, sannan babbar riga a sama.

Mu ɗauki malamin makaranta da zai tashi daga Kano zuwa Jos taron kwana huɗu a watan Disamba. Jos tana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta na hunturu kuwa ba sai an faɗa ba, don haka dole ne ya sa wani abu a kan rigarsa ko da bai yi niyyar ado ba. Abin da zai fara zaɓa shi ne rigar da za ta zauna, kuma a nan ne yawancin mutane ke kuskure. Suna ɗaukar wadda suka fi so, mai aiki a wuya da ƙirji, mai launin da ke ɗaukar ido. Irin wannan riga da an gan ta sau ɗaya an haddace ta. Wadda ake buƙata ita ce marar zane, marar aiki mai yawa, launinta ruwan toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu. Fara ma tana karɓar kowane launi, sai dai ba ta rufa asiri: ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta sauya mata kama kafin la'asar.

Ranar buɗe taro sai ya ɗora babbar rigar da ta dace da kaftanin, da hula zanna bukar. Rana ta biyu baƙin falmaran da wata hular. Rana ta uku hirami mai haske a kafaɗa. Rana ta huɗu, da za a kama hanya da asuba, rigar sanyi. In ka cire babbar rigar, sauran duka ba su kai nauyin kaftani biyu da wandunansu ba. Hula kuwa ita ce mafi arhar sauyi, domin tana saman fuska, inda ido ke fara sauka.

To amma akwai abin da ba a gani a wannan lissafi, kuma shi ne ginshiƙinsa: singileti huɗu, ɗaya kowace rana. Gumin hammata ba ya wari lokacin da ya fito. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a fata ne ke cin sa su fitar da warin, kuma suna bin gumin su shiga zaren tufafi. Idan singiletin auduga mai ɗan hannu ya tare gumin, aka cire shi da dare, kaftanin ya tsira. Singileti marar hannu ba ya yin wannan aiki, tunda ya bar hammata a buɗe. Yadin da aka zaɓa ma yana da tasiri: yadin roba yana riƙe maiƙon jiki da wari fiye da auduga, ga shi a ƙarƙashin falmaran iska ba ta ratsa shi. Saboda haka rigar da ake cewa ta zauna, a gaskiya tana tsakanin abu biyu ne masu sauyawa kullum, na ƙasa domin tsabta, na sama domin ido.

Wuri biyu ne ba abin da ke kare su: wuyan riga da bakin hannu. Duk abin da ka ɗora a sama, su suna waje, kuma suna gogar fata kai tsaye. Wannan matsala ta sa a shekarun 1820, a garin Troy na jihar New York a Amurka, aka fara ɗinka kwalar riga mai cirewa, a wanke ta ita kaɗai a bar rigar. Malaminmu ba shi da irin wannan kwala, don haka kowane dare zai juya wuyan kaftanin ya duba a gaban fitila. Idan layin dauɗa ya fara fitowa, ya wanke wurin kaɗai da ɗan sabulu da ruwa, ya rataye rigar inda iska ke wucewa, kada ya cusa ta a jaka ko ya rufe ta a durowa. A daren rana ta biyu kuwa ya wanke ta gaba ɗaya. Busasshiyar iskar hunturu za ta shanya yadi marar kauri kafin gari ya waye. Abin da ba zai yi ba shi ne goge ta da dauɗarta, domin zafin dutsen guga yana dafa gumi da maiƙo a cikin zare, tabon ya zama rawaya ya ƙi fita. Fesa turare a kan gumin jiya ma ba ya ɓoye komai, wari biyu yake haɗawa.

Akwai kuma ɓarnar da ta sama ke yi wa ta ciki. Sabon hirami ja ko baƙin falmaran mai arha yakan zuba idan gumi ya taɓa shi, ya bar shaida a kafaɗar riga mai haske. Gwajin ba wuya: a jiƙa farin ƙyalle, a goga a cikin kayan, in ya ɗauko launi, a wanke su su kaɗai kafin a fara sawa. Falmaran da ya matse a hammata yana tattare shadda mai sitaci, in an cire shi da rana sai karyewar ta tona asiri. Gara a sa tela ya buɗa wurin hannun da kyau.

Mata sun riga maza sanin wannan hanya. Baƙar doguwar riga marar ado tana ɗaukar gyale da ɗankwali kala-kala, kowace rana da kamarta. Atamfa mai manyan zane ce ba ta yarda, don ko wane mayafi aka yafa mata za a gane ta. Sai dai gyale ba kamar kwat ba ne. Yana taɓa fuska da wuya da gashi, yana kwasar hoda da man kitso, don haka shi ma mai son wanki ne akai-akai, ba a mayar da shi jaka a sake ɗaukowa sau da yawa.

Duk wannan lissafi na lokacin sanyi ne, ko na mai wuni a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, ɗora wani abu a kan riga ƙara gumi yake yi, kuma rigar da aka wuni da ita a rana ba ta kwana biyu a jiki ko da an sauya singileti. A irin wannan lokaci, mai karatu, ka sauya hula kawai, rigar kuwa ka wanke ta kowace rana.