Wasiƙar da ke cewa “mun sauya asusu”

Tsakanin 2013 da 2015 kamfanonin Facebook da Google sun tura fiye da dala miliyan 120 zuwa asusun wani mutum ɗan ƙasar Lithuania mai suna Evaldas Rimasauskas, suna zaton wanda ke sayar musu da kaya suke biya. Mutumin bai fasa taskar kowa ba. Ya gano cewa kamfanonin biyu suna sayen na'urori daga Quanta Computer na Taiwan, sai ya yi rajistar wani kamfani a Latvia da wannan suna, ya buɗe masa asusu a bankunan Latvia da Cyprus. Daga nan aka riƙa aika wa ma'aikatan kamfanonin takardun neman biya da kwangiloli na jabu, da hatimi da sa hannun manya, su kuwa suna biya. An kama shi a 2017, ya amsa laifi a kotun New York a 2019, aka ɗaure shi shekara biyar.

Abin lura a labarin nan shi ne cinikin da aka fake da shi gaskiya ne. Quanta na nan, kuma da gaske ana hulɗa da shi. Inda kuɗin zai sauka kawai aka karkatar. Wannan dabara ba ta bukatar sai babban kamfani. Duk inda ake karɓar kaya yau a biya bayan wata guda, injin casar shinkafa ne ko asibiti ko makarantar kuɗi, akwai teburin da takardun neman biya ke taruwa a kai, kuma wanda ke zaune a teburin nan shi ake hari.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani injin casar shinkafa ya yi odar buhunan zuba shinkafa 5,000 a kan naira 400 kowane. Kuɗin kaya naira miliyan 2, harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari ya zama naira 150,000, jimla naira 2,150,000. Kafin akanta ya rubuta baucar biya, takardu uku ya kamata ya ajiye a gabansa: takardar odar da kamfaninsa ya bayar, takardar da mai kula da sito ya sa wa hannu cewa kaya sun shigo, da inbois ɗin da mai kaya ya aiko, wato takardar neman biya. Yawan buhu da farashi dole su zo ɗaya a duka ukun. Idan inbois ya ce 5,000 amma sito ya ƙirga 4,600, akwai buhu 400 da ba a gani ba, naira 160,000 ke nan kafin haraji, kuma ba a biyan su sai an ji inda suka shiga.

Amfanin wannan haɗi ya fi fitowa idan takarda ta zo sau biyu. Yawancin biya biyu ba sata ce ke kawo shi ba. Direba ya kawo inbois tare da kaya, mai kaya ya sake aiko da hotonsa ta waya don tuni, ma'aikata biyu suka shigar da shi kowa da nasa. Na farko ya rubuta lambar `0458`, na biyu ya rubuta `458`. Manhajar lissafi da aka saita ta ƙi lambar da aka taɓa shigarwa za ta ɗauke su takardu biyu daban, ta bar su su wuce. Mai niyyar cuta ya san haka, shi ya sa yake ƙara harafi ɗaya ya mai da ita `0458A`, ko ya matsar da kwanan wata da mako biyu, ko ya aiko da jimlar ba tare da harajin ba don kada adadin ya yi kama da na baya. Saboda haka ba lamba kaɗai ake dubawa ba. A jera biyan da aka yi wa mai kaya ɗaya cikin wata uku ko shida bisa adadin kuɗi, a tsaya a kan duk guda biyu da suka zo ɗaya, ko waɗanda bambancinsu daidai yake da kuɗin haraji. Wani lokaci za a tarar halal ne, kamar kuɗin haya ko na masu gadi da ke maimaituwa kowane wata. Abin da ke raba gardama shi ne takardar sito: buhunan nan sau ɗaya suka shigo, takardar karɓarsu ɗaya ce, kuma da zarar an biya ya kamata a buga mata hatimin an biya, don kada ta sake tsaya wa wani inbois shaida.

Inbois na jabu gaba ɗaya ya fi son ya ɓuya a inda babu abin ƙirgawa: gyaran janareto, feshin maganin ƙwari, kuɗin ba da shawara. Babu buhun da mai sito zai ƙirga. A nan tambayar ita ce wa ya nemi aikin, wa ya ga an yi shi. Akwai kuma alamun da ke jikin takardar. Idan manaja na iya amincewa da biyan da bai kai naira 500,000 ba shi kaɗai, sai ga wani ɗan kwangila takardunsa kullum 480,000 ko 495,000, wannan abin tambaya ne. Idan lambobin takardunsa suna bin juna, 11 a watan Janairu, 12 a Fabrairu, 13 a Maris, ma'anarsa ba shi da abokin ciniki sai ku, alhali ya ce shi babban kamfani ne. A Nijeriya ana iya neman sunan kamfani da lambar rajistarsa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, sai dai rajista tana nuna cewa kamfanin yana nan ne a takarda, ba ta nuna ya yi muku aiki. Irin wannan cuta sau da yawa da hannun na ciki, don haka ba daidai ba ne mutum ɗaya ya shigar da sabon mai kaya cikin kundi, shi ya amince da takardarsa, shi kuma ya saki kuɗin.

Amma a ganina duk waɗannan ba su kai wasiƙar sauya asusu haɗari ba. Biya biyu ana iya cire shi daga biyan gaba, tunda mai kayan yana nan kuma zai dawo. Kuɗin da ya faɗa asusun ɗan damfara kuwa cikin sa'o'i ake rarraba shi.

Mu koma kan masu buhu. Oda daidai, sito daidai, inbois daidai, saura kwana uku a biya. Sai saƙon imel ya shigo daga mutumin da akanta ya saba magana da shi a kamfanin buhunan: asusunmu na da ya samu matsala, masu binciken kuɗi suna aiki a kansa, don Allah a tura naira 2,150,000 ɗin nan cikin wannan sabon. Lambar inbois daidai, adadi daidai, har salon gaisuwar mutumin daidai. Takardu ukun nan ba za su kama komai ba, domin babu ƙarya a cikinsu.

Yaya ɗan damfara ya san duk wannan? Ko dai ya buɗe adireshi mai kama da na gaskiya, ya mai da `kamfani` ya zama `karnfani`, inda haruffa biyu a manne suke kama da ɗaya a fuskar waya, ko kuma ya sace kalmar sirrin akwatin imel ɗin mai kayan, ya zauna a ciki makonni yana karanta wasiƙu yana jiran ranar biya. A hali na biyu saƙon daga adireshi na ainihi yake fitowa, duba haruffa ba zai yi amfani ba. Irin wannan kutse ne ya sami kamfanin Unatrac, mai dillancin injunan Caterpillar, a 2018: an shiga akwatin imel na babban jami'in kuɗinsa, aka aika umarnin biya da takardu na jabu da sunansa, kusan dala miliyan 11 ta fita. A 2021 wata kotun Amurka ta ɗaure ɗan kasuwar Nijeriya Obinwanne Okeke shekara goma a kan lamarin.

Alamun da suka fi yawa su ne gaggawa, roƙon kada a kira waya domin oga ya yi tafiya, da sauyin da ya zo dab da babban biya. A Nijeriya akwai wani taimako: idan ka shigar da lambar asusu mai lamba goma, manhajar banki tana nuna sunan mai asusun kafin ka tura. Idan kamfani kake bin sa hulɗa amma sunan mutum ya fito, ka dakata. Sai dai kada a dogara da wannan kaɗai. Rimasauskas da sunan Quanta ya buɗe nasa asusun, kuma ba wuya a yi rajistar suna mai kama da na wani, a ƙara masa kalma ɗaya a ƙarshe.

Maganin da ke aiki ba shi da tsada, kiran waya ne, amma yadda ake kiran shi ne komai. Ba a kiran lambar da ke cikin wasiƙar sauyin, ba a kuma amsa imel ɗin a ce “da gaske ne?”, domin wanda ya rubuto shi zai amsa. A ɗauko lambar da ke cikin tsohon fayil, wadda aka karɓa tun farkon hulɗa, a nemi mutumin da aka san muryarsa. Kada a karanta masa sabuwar lambar asusun ya ce e. A ce masa, “Alhaji, wane asusu za mu tura kuɗin buhunan nan?” a bar shi ya faɗa da bakinsa. In mai kayan yana gari ɗaya da ku, aika mutum shagonsa ya fi. Bayan haka a rubuta wa aka kira, yaushe, a wace lamba, mutum na biyu ya sa hannu kafin a taɓa kundin. Wasu wuraren suna fara tura ɗan ƙaramin kuɗi, su jira mai kayan ya tabbatar ta wannan tsohuwar lamba cewa ya gani.

Na san abin da ke hana mutane wannan kira: kunya. Ƙaramin ma'aikaci yana ganin tambayar babban ɗan kasuwa kamar zarginsa ne, ko yana tsoron manaja ya ce ya jinkirta biya. Wannan nauyi na shugabannin wurin ne su ɗauke masa. A rubuta a ƙa'ida cewa babu sauyin asusu sai da kira, ko da mai kamfanin ne ya aiko saƙo, a kuma sanar da masu kaya tun ranar farko. Mai kaya na gaskiya ba zai ji haushi ba, kuɗinsa ake tsarewa.

Idan kuɗin ya riga ya fita, a kira banki nan take, ba gobe ba, a bi da takarda a rubuce ana neman su tuntuɓi bankin da ya karɓa don a riƙe abin da ya rage. A kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar yaƙi da zambar kuɗi. Kada a goge saƙonnin, su ne shaida. A sanar da mai kayan ta waya, domin in akwatinsa aka shiga, sauran masu sayen buhunansa ma sun sami irin wasiƙar. A kuma shirya wa magana mai ɗaci: shi bai karɓi ko kwabo ba, kuma zai zo neman naira 2,150,000 ɗinsa.