Sabon katin hoto, tsohuwar furosesa: wa ke jiran wani?

 Shirinmu na yau na samari ne masu wasan kwamfuta, da masu shirin zuba kuɗi a ciki.

A ce ɗan'uwa ya sauko Maradi ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis, mai furosesa Core i5-2400. Wannan furosesa ta fito tun 2011, ƙwaƙwalwa huɗu gare ta. Sai ya tara kuɗi ya ɗora mata katin hoto RTX 3060, na 2021. Shekara goma ke tsakaninsu. Ya kunna wasa, wasa na ta cijewa. An cuce shi a katin? Ba lalle ba.

Kowane hoto da kuke gani a allo, hannu biyu ya bi. Furosesa ce ke fara lissafi: ina ɗan wasa yake, ina ƙwallo ta nufa, me abokan gaba za su yi. Sannan ta miƙa wa kati ya zana. Kamar injin niƙa ne da yaron da ke zuba masa gero: in yaron na da nawa, inji na ta ruri a banza.

To ku riƙe wannan lissafi. Daƙiƙa ɗaya milisakan dubu ce. Mai son hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto sai an gama shi cikin milisakan 16.7. A ce furosesar nan na cin milisakan 20 kafin ta shirya hoto ɗaya, kati kuwa milisakan 8 sun ishe shi. Kati zai iya 125 a daƙiƙa, amma 50 za ka gani. Hamsin, ba ƙari. Sauran milisakan 12 kati na zaune yana jira.

Yaya za ka gane? Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko dala. Ka tsaya wuri ɗaya a wasan, inda jama'a ko motoci suka yi yawa, ka duba adadin hotuna. Sai ka sauke girman hoto daga 1080p zuwa 720p. Ka rage wa kati fiye da rabin aikinsa ke nan. In adadin ya yi tsalle, kati ne ke riƙe da kai. In bai motsa ba, yana nan a hamsin ɗinsa, furosesa ce ta yi maka dabaibayi. Amma ka fara kashe V-Sync, don shi ma yana ɗaure adadin a wuri ɗaya.

Na biyu, ka sa MSI Afterburner ya nuna maka aikin kati kana cikin wasa. Kashi 95 zuwa sama, kati na aiki iya ƙarfinsa. Kashi 40 ko 60, jira yake.

Kada lissafin furosesa ya ruɗe ka. Kana iya ganin kashi 30 ka ce ai hutawa take. Wasanni da yawa suna ɗora babban aikinsu kan ƙwaƙwalwa ɗaya. Ita ta cika maƙil, sauran na hamma, jimilla ta fito ƙarama. Ka dubi kowace ƙwaƙwalwa daban.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. A Afrilun 2022 kamfanin AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D. Ƙwaƙwalwa takwas, daidai da yayarta 5800X. Gudunta ma bai kai na yayar ba: gigahaz 4.5, waccan 4.7. A takarda ƙanwa ta sha kashi. Amma an ɗora mata ƙarin ma'ajiya a jikinta, megabayit 96 maimakon 32, kuma a wasanni da yawa sai ta wuce yayar. Dalili? Furosesa na ɓata lokaci wajen jiran bayanai daga RAM, wannan kuwa abin da take nema yana kusa da hannunta. Shi ya sa in mai shago ya karanto maka gigahaz kawai, ni dai ban gamsu ba. Haka shafukan intanet masu cewa furosesarka ta rage wa kati kashi kaza: ba su tambaye ka wane wasa ba, ko wane allo. Kwamfuta ɗaya, ka kai ta 4K, inda ɗigon hoto ya ninka na 1080p sau huɗu, sai nauyi ya koma kan kati.

Ana yi mini alama lokaci ya tafi, abu biyu a gurguje. Zafinmu na bazara da ƙurar hunturu: furosesa in ta yi zafi tana rage gudu da kanta, don haka ka share fanka kafin ka yanke mata hukunci. Sannan RAM: sanda biyu masu gigabayit 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 saurin kai mata bayanai, in ka sa su a ramukan da littafin motherboard ɗinka ya nuna.