Layin Caji Ɗaya, Masu Awo Biyu: Yadda Lantarki da Maganaɗisu Ke Cakuɗuwa

A shekarar 1820, a birnin Copenhagen, Hans Christian Ørsted ya lura cewa allurar kamfas tana juyawa idan wutar lantarki na bi ta wayar da ke kusa da ita. Tun daga nan masana suka san cewa cajin lantarki da ke tafiya yana haifar da filin maganaɗisu. Fili a nan yana nufin tasirin da ke bazu a sarari kewaye da caji ko maganaɗisu, wanda ke tura ko jan abin da ya shigo cikinsa. To amma akwai tambayar da ke ɓoye cikin kalmar tafiya: caji yana tafiya ne a wajen wa? Abin da ke tsaye a wajenka yana gudu ne a wajen wanda ya wuce ka cikin mota. Da irin wannan tambaya Albert Einstein ya buɗe takardarsa ta 1905, inda ya fara da misalin maganaɗisu da waya.

Mu ɗauki dogon layi miƙaƙƙe da aka jera wa caji iri ɗaya daga farko har ƙarshe, mikirokulom 1 a kowace mita. Mutum na farko yana tsaye kusa da shi, ratar mita 1 tsakaninsu. A wajensa babu abin da ke motsi. Na'urarsa za ta nuna filin lantarki mai ƙarfin bolt 18,000 a kowace mita, yana fitowa daga layin zuwa kowane gefe. Filin maganaɗisu kuwa babu shi ko kaɗan daga wannan layi.

Mutum na biyu yana cikin kumbo, yana bin gefen layin a wannan rata ta mita 1, da gudun kilomita 180,000 a daƙiƙa, wato kashi 60 cikin 100 na gudun haske. Babu kumbon da ke irin wannan gudu, an zaɓe shi ne don lissafin ya fito sarai. A wajen wannan mutum shi ne a zaune, layin ne ke wuce shi a guje.

Abu na farko da ya canza masa shi ne cunkoson cajin. Ka'idar Einstein ta nuna cewa abin da ke gudu yana gajarcewa ta fuskar da yake tafiya, kuma a wannan gudu ma'aunin gajarcewar, wanda masana ke kira gama, shi ne 1.25. Yawan cajin kansa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Kamar 'ya'yan carbi ne da aka matso da su kusa da juna: adadinsu na nan, amma kowane taƙi na zaren ya ɗauki fiye da da. Saboda haka na cikin kumbo zai ƙirga mikirokulom 1.25 a kowace mita, filin lantarkin da zai auna kuma ya tashi zuwa bolt 22,500 a mita.

Na biyu ya fi ban mamaki. Cajin da ke wuce shi da wannan gudu wutar lantarki ce mai gudana, kuma idan aka ninka cunkoson cajin da gudunsa za a sami amfiya 225. Wuta mai wannan yawa tana zagaye kanta da filin maganaɗisu, wanda a ratar mita 1 ya kai mikirotesla 45. Wannan ya yi kusa da ƙarfin maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas. Kamfas ɗin da ke hannun na cikin kumbo zai juya saboda layin, na mutumin da ke tsaye kuwa ba zai ji komai daga gare shi ba. Duka kamfas biyun lafiyarsu ƙalau.

Mai karatu na iya cewa lalle ɗayansu ya yi kuskure. Hanyar gwadawa ita ce a ajiye ɗan ƙaramin caji irin na layin a gefen mutumin farko, a ga abin da zai same shi. Na tsaye zai ce filin lantarki yana ture shi da ƙarfin da za mu rubuta 18,000, shi ke nan. Na kumbo yana ganin ɗan cajin na tafiya tare da layin, don haka ƙarfi biyu ne ke aiki a kansa. Lantarki na ture shi da 22,500, maganaɗisu kuma na jawo shi wajen layin da 8,100, domin wuta biyu masu bin fuska ɗaya jan juna suke yi. A cire wannan daga wancan, saura 14,400.

Har yanzu 14,400 ba 18,000 ba ne, kuma a nan ɗalibai da yawa ke tsayawa su ɗauka lissafin ya rushe. Abin da ya rage shi ne agogo. A wajen na kumbo, agogon mutumin farko yana tafiya a hankali da wannan ma'auni na 1.25. Turin da ɗan cajin ya samu cikin daƙiƙa 1 ta na tsaye, shi ne ya samu cikin daƙiƙa 1.25 ta na kumbo. A ninka 14,400 da 1.25, sai ga 18,000 ta dawo cif. A ganina wannan ne wuri mafi kyau a duk batun: da babu jan maganaɗisun nan na 8,100, da mutanen biyu sun saɓa a kan inda ɗan cajin zai kai. Filin maganaɗisu wajibi ne don bayanansu su dace.

Akwai kuma adadin da ba ya canzawa ko wane ne ya auna, wato E² − c²B², inda E ke nufin filin lantarki, B filin maganaɗisu, c kuma gudun haske. A wajen na kumbo c sau B ya ba da 13,500. A ninka 22,500 da kanta, a cire 13,500 da aka ninka da kanta, amsar ita ce miliyan 324, daidai da 18,000 sau 18,000 na mutumin da ke tsaye. Da wannan ake kama kuskure. Wanda ya manta da gajarcewar layin ya bar E a 18,000, adadin nan ba zai fito masa daidai ba.

Adadin yana kuma nuna iyakar cakuɗuwar. A layinmu ya fi sifiri, don haka babu gudun da zai sa wani ya ga maganaɗisu zalla ba lantarki. Wayar tagulla mai ɗauke da wutar batir akasin haka take. A cikinta ilektoron na tafiya da gudun da sau da yawa bai kai milimita 1 a daƙiƙa ba, cajin ƙwayoyin tagullar da ke zaune kuma ya soke nasu. A waje da wayar saura maganaɗisu kusan shi kaɗai, adadin nan ya faɗi ƙasa da sifiri, kuma babu mai awon da zai iya kawar da maganaɗisun ta hanyar gudu. Shi ya sa ban yarda da masu cewa maganaɗisu lantarki ne kawai da aka kalla daga wani wuri ba. Maganar ta yi daidai a layinmu mai caji, amma a wayar batir ba ta tsayawa.

Masu gina injinan da ke hanzarta ƙananan ƙwayoyin zarra, irin na CERN da ke kusa da Geneva, suna aiki da wannan lissafi kullum. Jerin firoton da ke gudu cikin bututu layin caji ne mai tafiya, kuma 'ya'yansa na ture juna. Yayin da gudunsu ke kusantar na haske, jan maganaɗisu yana cinye kusan duk turin lantarkin, har abin da ya rage ya zama kashi ɗaya cikin gama sau gama. A gudun misalinmu saura kashi 64 cikin 100, wato 14,400 daga 22,500. Saboda haka watsewar jerin ta fi damun injiniyoyi a matakan farko na injin, lokacin da firoton ɗin ba su gama ɗaukar gudu ba.