"Na Taimaka" Ba Ta Faɗin Aikin Da Aka Yi

Matasa da dama a Kano, Katsina da Sakkwato sun yi aikin rigakafin shan inna gida-gida, kafin a tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Aiki ne na rana da ƙura da haƙuri. Amma idan ɗayansu ya zo neman aiki, yakan dunƙule shi duka a layi ɗaya cikin takardar tarihin aikinsa: "Na taimaka wajen rigakafi." Masu rubutawa da Turanci su kan buga `helped with` ko `responsible for`, wato "na taimaka" ko "alhakina ne".

Matsalar ita ce ayarin rigakafi ba aiki ɗaya yake yi ba. Akwai wadda ke shiga cikin gida ta ɗiga wa yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ɗigo biyu a baki, ta shafa masa tawada a ƙaramin yatsa. Akwai mai rubuta adadin yaran a takarda. Akwai mai sa alama da alli a bangon gida, ga kuma mai duba ayarori. Dukansu "sun taimaka", to mai ɗaukar ma'aikata ta yaya zai san wanne ne a gabansa? "Alhakina ne" ma haka take: tana faɗin abin da aka ɗora wa mutum, ba ta nuna ko ya sauke.

Gyaran yana farawa da tambaya ɗaya: me hannunka ya yi? A ce wata matashiya ce ke riƙe da takardar ƙidaya. Sai ta rubuta: "Na rubuta adadin yaran da aka ɗiga wa maganin a kowane gida, na lissafa waɗanda ba a samu ba don a koma musu, na miƙa jimilla ga mai duba mu kowace yamma." Nan take mai neman ma'aikacin shigar da bayanai ya ga abin da yake nema. In ta tabbatar da yawan gidaje ko zagayen da ta yi, ta saka. In kuwa ba ta tabbatar ba, ta bar lambar.

Sai dai akwai rami a ɗaya ɓangaren, kuma ya fi zurfi. Wasu, don gudun rauni, sukan rubuta "na jagoranci" ko "na tsara". Ranar intabiyu za a tambaya: mutum nawa ne a ƙarƙashinki? Wa ya raba unguwanni? Yaya kuka kiyaye sanyin maganin? Wadda ba ta jagoranta ba za ta yi ta kame-kame, daga nan kuma a fara shakkar sauran takardar.

Inda aikin na haɗin gwiwa ne, a faɗi hakan, sannan a ware kason kai: "A ayarinmu, ni na riƙe ƙidaya." Mai neman aiki ya bi takardarsa layi-layi, duk kalmar da ba zai iya ba da labarinta dalla-dalla a gaban wanda ya duba aikinsa ba, ya sauya ta kafin ya aika.